Daga Daura zuwa Kano: Dalilin da ya sa adireshin 192.168 ba ya tsallake ƙofar gida

A ɗauki misalin wani mai shagon atamfa da shadda a cikin garin Daura. Ya sa an haɗa masa kyamarorin tsaro guda huɗu, da akwatin da ke naɗar hotunansu, da rawuta mai ɗauke da layin waya. Yaron da ya yi aikin ya karɓi wayarsa, ya jona ta da Wi-Fi ɗin shagon, ya rubuta `192.168.1.108` a burawza, nan take shafin kyamarorin ya buɗe. Mai shago ya kwafi lambar a bayan littafin bashi, hankalinsa ya kwanta.

Bayan kwana biyu ya bi hanyar Kazaure zuwa Kano saro kaya. Yana zaune a Kantin Kwari sai ya so ya ga abin da yaran shago ke yi. Ya kunna data, ya rubuta lambar nan daidai da yadda aka ba shi, ya jira. Burawza ta yi ta juyawa, daga ƙarshe ta ce ba a samu shafin ba. Datarsa ba ta ƙare ba, domin WhatsApp na aiki. Ya kira shago, aka ce akwai wuta, kyamarori na kunne, rawuta ma na aiki.

Babu abin da ya lalace, kuma babu wanda ya cuce shi. Lambar da aka ba shi ce ba ta da amfani a wajen shagon. Irin wannan lamba ita ake kira adireshin cikin gida, kuma tana cikin kusan kowace waya da ke hannun mai karatu a yanzu.

Rijiyar Kusugu da rijiyar tsakar gida

Duk na'urar da ke magana da wata na'ura ta hanyar sadarwa tana buƙatar adireshi, wanda ake kira adireshin IP. A tsohon tsarin da har yanzu aka fi amfani da shi, mai suna IPv4, adireshin lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowacce daga 0 zuwa 255. Amma ba duka adireshin ne matsayinsu ɗaya ba.

Idan mutum ya tsaya a tashar mota a Kano ko Katsina ko Damagaram ya ce zai je rijiyar Kusugu, ba sai ya ƙara bayani ba. Guda ɗaya ce a duniya, kuma an san a Daura take. In kuwa ya ce a kai shi rijiyar tsakar gida, direba zai tambaye shi: ta wane gida? Sunan daidai ne, mutanen gida sun san abin da yake nufi, amma dubban gidaje na da tasu rijiyar mai wannan suna.

Adireshin waje, wanda manhajoji ke rubutawa `Public IP`, shi ne kamar Kusugu. A lokaci guda mai shi ɗaya ne kawai a Intanet baki ɗaya, kuma akwai rajistar da ke nuna wanda aka ba. Misali `8.8.8.8` na kamfanin Google ne, daga Mai'aduwa aka neme shi ko daga Makka. Adireshin cikin gida kuwa, wato `Private IP`, shi ne rijiyar tsakar gida. Lambar `192.168.1.108` da ke shagon Daura tana iya kasancewa a wani ofis a Baure, da wani gida a Sandamu, da wani asibiti a Indiya, duk a sa'a guda, ba tare da wani ya shiga haƙƙin wani ba.

Rukunai uku da aka keɓe

Ba kamfanonin waya ne suka ƙirƙiro wannan tsari ba. Ya samo asali ne daga ƙarancin lambobi. IPv4, wanda aka rubuta ƙa'idarsa a 1981, yana da adireshi 4,294,967,296 gaba ɗaya. A wancan lokaci an ga kamar ba za su taɓa ƙarewa ba. Yau kuwa mutanen duniya sun haura biliyan 8, kuma mutum ɗaya na iya mallakar waya biyu da kwamfuta da talabijin mai hawa Intanet.

Tun farkon shekarun 1990 injiniyoyi suka hango wannan matsala. A watan Fabrairun 1996 aka fitar da wata takardar ƙa'ida mai suna RFC 1918, wadda ta tabbatar da keɓe rukunai uku domin kowa ya yi amfani da su a cikin gidansa ko ma'aikatarsa ba tare da neman izinin kowa ba:

```
10.0.0.0     -  10.255.255.255
172.16.0.0   -  172.31.255.255
192.168.0.0  -  192.168.255.255
```

Rukunin farko shi ne babba, yana da adireshi sama da miliyan 16, shi ya sa manyan ma'aikatu da kamfanonin sadarwa suka fi son sa. Na biyu yana da miliyan ɗaya da 'yan kai. Na uku shi ne ƙarami, 65,536 kacal, amma shi aka fi gani saboda shi masu ƙera rawutar gida ke sakawa. Da yawa daga cikin ƙananan na'urorin MiFi na Huawei suna buɗe shafin saitinsu a `192.168.8.1`. Wayar iPhone idan ta kunna `Personal Hotspot` tana ɗaukar `172.20.10.1`, tsofaffin wayoyin Android kuma sun saba da `192.168.43.1`.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Ba duk abin da ya fara da 172 ne na cikin gida ba. Sai lamba ta biyu ta faɗa tsakanin 16 da 31. Adireshin da ya fara da `172.20` na cikin gida ne, amma wanda ya fara da `172.217` na waje ne, na Google ma kuwa. Haka nan 192: dole a ga 168 a bayansa.

Duk wanda ya taɓa tura fim ko waƙa da Xender ya yi amfani da waɗannan adireshi ko bai sani ba. Waya ɗaya ta buɗe ƙaramin Wi-Fi, ta ba ɗayar adireshin cikin gida, suka yi musayar fayil ba tare da an taɓa data ba. Wannan ya nuna abu ɗaya: adireshin cikin gida cikakken adireshi ne mai aiki, iyakarsa dai katangar gidan.

Me ke hana shi fita?

A cikin lambar kanta babu wani abu na daban da ya hana ta tafiya. Abubuwa uku ne suka taru suka tsare ta.

Na farko shi ne matsalar amsa. Duk ƙunshin bayani da ya fita daga waya yana ɗauke da adireshi biyu, na inda za shi da na inda ya fito. Babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafi, wadda ake kira uwar garke, da adireshin na biyu take mayar da amsa. Da a ce saƙo zai isa wurin uwar garken Google da `192.168.1.20` a matsayin inda ya fito, ina za ta aika amsar? Miliyoyin na'urori ne ke da wannan lamba. Tamkar wasiƙa ce da aka rubuta a bayanta cewa a mayar da amsa ɗakin uwargida, babu sunan gida, babu unguwa, babu gari.

Na biyu shi ne babu hanyar da ta nufi can. Intanet haɗakar dubban kamfanoni da cibiyoyi ce, kowannensu yana shelanta wa maƙwabtansa rukunan adireshin da ke hannunsa ta wata ƙa'ida mai suna BGP. Adireshin waje daga sama ake rabo shi: hukumar IANA ta ba cibiyoyin yanki guda biyar, su kuma su ba kamfanoni. Cibiyar Afirka ita ce AFRINIC, mai hedikwata a ƙasar Morishiyos, kuma daga wurinta kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo ke samun nasu. Shi ya sa adireshin waje a Nijeriya yakan fara da 41, ko 102, ko 105, ko 197. Manyan rawutocin tsakiyar Intanet suna riƙe da jerin hanyoyi sama da 900,000 da aka tara daga irin wannan shela. Rukunan RFC 1918 ba su da mai su, don haka babu wanda ke da hurumin shelanta su, kuma ba sa cikin jerin. Ƙunshin da ya isa irin wannan rawuta yana neman `192.168.1.108` sai a watsar da shi, domin ba a san inda za a tura shi ba.

Na uku shi ne tacewa da gangan. Kamfanonin sadarwa na saka ƙa'idoji a bakin iyakar hanyoyinsu, su ƙi karɓar duk shelar da ta ƙunshi waɗannan rukunai, su kuma zubar da ƙunshin da ke ɗauke da su. Kuskure na faruwa: injiniya na iya saita rawuta ba daidai ba ta shelanta rukunin cikin gida ga maƙwabci. Amma da yake yawancin maƙwabta na tacewa, shelar ba ta yin nisa, kuma ko ta ɗan yi, ba abin da za a dogara da shi ba ne.

To me ya faru da buƙatar mai shago a Kantin Kwari? Wayarsa ta duba lambar, ta ga ba ta kusa da ita, ta miƙa ta ga kamfanin layinsa. Kamfanin ba shi da wata hanya da ta haɗa wannan lamba da wani shago a Daura, sai buƙatar ta mutu a nan. Da a ce Wi-Fi ɗin wani shago ya hau a Kano, kuma rawutar wurin ita ma `192.168.1` take rabawa, da wayar ba za ta ma fita waje ba. A cikin shagon za ta nemi mai wannan lamba. Idan akwai, shafin na'urar mutanen wurin zai gani, ba tasa ba.

Mai tsaron zaure

Tambayar da ta rage ita ce: idan adireshin wayar ba ya fita, ta yaya WhatsApp da YouTube ke aiki? Amsar ita ce wata dabara mai suna NAT, wadda aka fara bayaninta a rubuce a 1994. Ma'anarta musanya adireshi a bakin ƙofa.

Rawuta tana da fuska biyu, kamar zauren gida. Fuska ɗaya na kallon ciki, tana da adireshin cikin gida irin `192.168.1.1`. Ɗayar na kallon titi, tana da adireshin da kamfanin sadarwa ya ba ta. Idan wayar yaron shago mai lamba `192.168.1.20` ta nemi wani shafi, rawuta za ta goge wannan lamba daga ƙunshin, ta rubuta tata ta waje, sannan ta tura. Domin kada ta rikice idan amsoshi suka dawo, tana amfani da wata lamba ta biyu da ke tafiya tare da adireshi, wadda ake gani a saiti da sunan `Port`. A kira ta lambar ƙofa. Daga 0 take zuwa 65,535. Rawuta na ba kowace hira lambar ƙofa tata, ta rubuta a littafinta cewa duk amsar da ta dawo ta ƙofa kaza, ta wayar wane ce.

Abin lura a nan shi ne, ba a buɗe layi a littafin sai wani daga ciki ya fara magana. Yaron gida ne aka aika, ya dawo da saƙo, mai tsaron zaure ya san ɗakin da ya aike shi. Amma baƙon da ya zo daga waje ba tare da an kira shi ba, sunansa ba ya cikin littafi, kuma mai tsaron bai san ɗakin da zai kai shi ba. Sai ya sallame shi. Wannan ne ya sa kallon bidiyo ke da sauƙi, amma shiga kyamarar shago daga wani gari ke da wuya. A na farko waya ce ke fita nema, a na biyu kuwa daga waje ake ƙwanƙwasawa.

Zaure biyu

Wanda ya ɗan san harkar zai ce ai akwai magani: a shiga saitin rawuta, a je `Port Forwarding`, wanda wasu rawutocin ke kira `Virtual Server`, a rubuta cewa duk baƙon da ya zo ta ƙofa kaza a kai shi `192.168.1.108`. Wannan daidai ne, amma da sharaɗin fuskar rawutar ta waje tana da adireshin waje na gaske. A layukan waya, galibi ba haka abin yake ba.

A ranar 3 ga Fabrairun 2011 IANA ta raba ragowar manyan rukunan IPv4 guda biyar da suka rage mata, kowace cibiyar yanki ta samu ɗaya. Rabon AFRINIC shi ne mai farawa da 102. Tun daga nan adireshin waje ya zama kaya mai tsada. Kamfanin da ke da masu layi miliyoyi ba shi da lambobin da zai ba kowa tasa. Sai kamfanoni suka gina nasu katafaren zauren, mai suna CGNAT. Suna ba layin mutum adireshin cikin gida, sau da yawa mai farawa da 10, sannan a cibiyarsu su musanya shi da adireshin waje guda ɗaya da mutane da yawa ke tarayya a kai. A 2012 ma an keɓe wani rukuni na musamman domin wannan aiki a takardar RFC 6598, daga `100.64.0.0` zuwa `100.127.255.255`. Shi ma ba ya yawo a Intanet. Masu amfani da Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2023, sukan ga irin wannan lamba a tsarinsa na yau da kullum.

Ga yadda tafiyar saƙo ɗaya daga shagon Daura take kasancewa. Lambobin misali ne, kuma rukunin `203.0.113` an keɓe shi ne musamman domin rubuce-rubuce irin wannan, ba na kowa ba ne:

```
waya      192.168.1.20 : 51000
rawuta    10.45.12.7   : 40001
kamfani   203.0.113.25 : 62010
```

Saƙon ya bar waya da layin farko. Rawutar shago ta mayar da shi na biyu. Cibiyar kamfani ta mayar da shi na uku, kuma wannan na ukun kaɗai uwar garke ke gani. Amsa ta dawo `203.0.113.25` ta ƙofa 62010, kamfani ya duba littafinsa ya mayar da ita `10.45.12.7`, rawuta ta duba nata ta miƙa wa waya. Duk wannan cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Yanzu a juya tafiyar. Mai shago a Kano ya gano `203.0.113.25` ya ƙwanƙwasa. Buƙatarsa za ta tsaya ne a zauren kamfani, inda babu layin da aka rubuta dominsa. Umarnin da aka saka a rawutar shago yana can zaure na biyu, baƙon bai ma iso wurin ba. Mai shago yana da iko a kan rawutarsa, amma ba shi da iko a kan ta kamfani. Saita `DDNS` ma ba zai taimaka ba, domin aikinsa shi ne liƙa suna a kan adireshin waje, ba buɗe ƙofar da ke rufe ba.

Yadda ake ganewa cikin minti biyar

Kafin a ɓata yini ana saita rawuta, ko a biya wani kuɗin aikin da ba zai yiwu ba, akwai gwaji mai sauƙi. Lambobi uku ake kwatantawa, kuma a yi shi wayar na kan Wi-Fi ɗin rawutar da ake bincike.

Lamba ta farko ita ce ta wayar. A Android ana samun ta a `Settings`, cikin bayanan Wi-Fi ɗin da aka hau, ko a `About phone` ƙarƙashin `Status`, ya danganta da irin wayar. Kusan kullum ta cikin gida za a gani. Idan kuwa ta fara da `169.254`, alama ce na'urar ba ta samu adireshi daga rawuta ba, ta ƙirƙiro wa kanta ne, kuma matsalar tana cikin gida.

Lamba ta biyu ita ce ta fuskar rawuta mai kallon waje. A rubuta adireshin rawutar a burawza, wanda yawanci ke jikin takardar da aka liƙa a ƙasanta, a shiga, a nemi `WAN IP` a shafin bayanai.

Lamba ta uku ita ce wadda duniya ke gani. A buɗe `ifconfig.me` a burawza, ko mai kwamfuta ya rubuta:

```
curl -4 ifconfig.me
```

A tabbatar an kashe VPN kafin gwajin. Kada kuma a yi shi da Opera Mini yana kan tsarin tsimin data, domin shi ta kwamfutocin kamfanin Opera yake bi, adireshinsu za a iya gani. Idan aka ga doguwar lamba mai haruffa da ɗigo biyu-biyu, wannan IPv6 ne, ba shi ake kwatantawa ba.

Idan ta biyu da ta uku iri ɗaya ne, rawutar na da adireshin waje, kuma `Port Forwarding` zai iya aiki. Idan sun bambanta, kuma ta biyun ta fara da 10, ko tana tsakanin `100.64` da `100.127`, to akwai zauren kamfani a gaba. Idan ta biyun ta fara da `192.168`, mai yiwuwa rawuta biyu aka jera a cikin ginin, ɗaya na bayan ɗaya, wannan kuwa ana iya gyara shi a gida.

Mai kwamfutar Windows na iya ganin iyakar da idonsa idan ya rubuta `tracert 8.8.8.8`. Umarnin na jero rawutocin da saƙo ya ratsa. Layin farko rawutar gida ce. Layukan da ke biye sukan nuna lambobi masu farawa da 10 ko 172, sannan daga baya lambobin waje su fara bayyana. Ganin adireshin cikin gida a nan ba ya nufin ya fita Intanet. Yana nufin saƙon bai gama ratsa farfajiyar kamfanin ba tukuna.

Mafita ga mai shago

Tunda ba a shiga daga waje, dabarar ita ce na ciki ya fara fita. Yawancin akwatunan kyamara na zamani suna da wani saiti mai suna `P2P` ko `Cloud`. Idan aka kunna shi, akwatin da kansa zai kira uwar garken kamfanin da ya ƙera shi, ya bar layin a buɗe. Wayar mai shago a Kano ita ma ta kira wannan uwar garke, bayan an yi mata rajista da lambar akwatin ko hoton QR da ke jikinsa. Da yake duka biyun daga ciki suka fita, zaurukan sun rubuta su a littafi, sai a sada su. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Illarta ita ce an dogara da kamfanin: ranar da uwar garkensa ta tsaya, kallo daga nesa ya tsaya.

Hanya ta biyu ita ce VPN na kai, irin Tailscale, wanda aka gina a kan WireGuard. Ana saka shi a waya da kuma wata kwamfuta da ke kwana a kunne a shago, a saita kwamfutar ta zama mashigar sauran na'urorin wurin. Daga nan `192.168.1.108` zai buɗe daga Kano. Ba wai ya fita Intanet ba ne. An naɗe ƙunshin ne a cikin wani ƙunshi mai adireshin waje, kamar ambulan cikin ambulan, sai an isa shago a buɗe na cikin. A nan ma akwai tarko: idan Wi-Fi ɗin da mutum ya hau a Kano shi ma `192.168.1` ne, wayar na iya rikicewa ta nemi lambar a kusa da ita. Masu aikin da suka ƙware kan kauce wa haka tun farko, su sa wa shago rukunin da ba a cika amfani da shi ba, kamar `192.168.73`.

Hanya ta uku ita ce a nemi adireshin waje na kai daga kamfanin sadarwa, wanda galibi a tsarin 'yan kasuwa ake bayarwa da ƙarin kuɗi. Amma wanda ya buɗe ƙofar kyamararsa ga duniya, ba shi kaɗai zai ƙwanƙwasa ba. Akwai manhajojin da aikinsu dare da rana shi ne bin adireshin waje ɗaya bayan ɗaya suna gwada ƙofofi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan naɗar hoto ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. A ranar 21 ga Oktoban wannan shekara aka yi amfani da irin waɗannan na'urori aka kai wa kamfanin Dyn hari, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da dama buɗewa. Kalmar sirri irin `admin` ko `12345` ba ta da wurin zama a na'urar da ke kallon titi.

Abin da adireshin cikin gida ba ya yi

Wani lokaci a dandalin sada zumunta akan ga mai barazana yana cewa ya samu adireshin IP ɗin wane, zai shiga wayarsa. Idan lambar da ya nuna ta fara da `192.168` ko 10, to bai riƙe komai ba, mai yiwuwa ma wayarsa irin lambar take ɗauke da ita. Ko adireshin waje ya samu, a layin waya na mutane da yawa ne, kuma yana canzawa. Shi ya sa mutum na zaune a Zango shafin Intanet zai ce masa yana Legas ko Abuja. Shafin na hasashe ne daga rajistar adireshin da kuma inda cibiyar kamfanin take, ba inda wayar take ba. Tarayyar nan ce kuma ke sa wani lokaci shafi ya tare mutum da tambayar ko shi mutum-mutumi ne, saboda abin da wani da suke adireshi ɗaya ya aikata.

Amma kada a ɗauka wannan ɓuya ce. Kamfanin sadarwa na iya gano layin da ya yi amfani da adireshi kaza da ƙofa kaza a lokaci kaza, layin kuma an haɗa shi da lambar NIN. Dokar laifukan Intanet ta Nijeriya ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni adana irin waɗannan bayanai na tsawon shekara biyu.

Haka nan ba katanga ce ga wanda ya riga ya shigo gida ba. Duk wanda aka ba kalmar sirrin Wi-Fi ɗin shagon, yaron shago ne ko maƙwabci ko mai sayayya, yana cikin tsakar gida ɗaya da akwatin kyamara, kuma `192.168.1.108` zai buɗe masa kamar yadda ya buɗe wa mai shago. Idan rawutar na da `Guest network`, a nan ya kamata a ajiye baƙi, a kuma tabbatar an hana shi ganin sauran na'urorin ciki.

A sabon tsarin IPv6 adireshi ya wadata har kowace na'ura na iya samun nata na waje, ba sai an yi musanya a zaure ba. Babban rabon AFRINIC a can yana farawa ne da `2c0`. Amma ko a IPv6 an ware rukunin cikin gida, wanda a aikace ke farawa da `fd`, kuma shi ma ba a shelanta shi a Intanet. Kafin sabon tsarin ya game ko'ina, mai shagon Daura na buƙatar ya yi wa mai haɗa masa kyamara tambaya ɗaya kafin ya biya kuɗin aiki: a kashe Wi-Fi ɗin wayar, a kunna data, a nuna masa hoton shagon. Idan ya buɗe a haka yana tsaye a bakin shago, zai buɗe a Kantin Kwari.